Dalilin gina sabon babban birni

«Ashe ba son ƙawa ne kawai ke sa ƙasa ta bar babban birninta ta gina sabo ba?»

Ba a rasa son nuna isa, amma yawanci dalilin ya fi haka nauyi, kuma Brazil misali ce mai kyau. Tsohon babban birninta, Rio de Janeiro, yana bakin teku, inda jama'a da dukiya suka taru, yayin da tsakiyar ƙasar ya zama kamar an manta da shi. Tun a tsarin mulkin 1891 aka tanadi wuri a can ciki, sai dai Shugaba Juscelino Kubitschek ne ya ƙaddamar da sabon babban birnin, Brasília, a 1960, aka kuma shimfiɗa manyan hanyoyi daga cikinta zuwa sassan da da ƙyar ake kai musu.

A Nijeriya kuwa, an zaɓi Abuja a 1976 saboda cunkoson Legas da neman wurin da babu babbar ƙabilar da za ta ce nata ne, aka koma a 1991.

Abin da ke tashi dai kujerar mulki ce, domin har yau São Paulo a Brazil da Legas a Nijeriya ne cibiyoyin kasuwanci.