Gandu ya watse, rigimar ta rage

Wata uku ke nan ina zaman sulhu tsakanin mahaifinmu da autanmu, har na gaji da kai-kawo tsakanin zaure da ɗakin samari. Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne duk abokin da na ba labari sai ya ce mini kamar gidansu na leƙa.

Autan namu shekararsa 29. Ya yi digiri, ya yi bautar ƙasa, ya nemi aiki shekara biyu bai samu ba, sai ya koma wajen wani abokinsa a kasuwar waya ta Farm Centre ya koyi gyara. Yanzu yana da teburinsa da yaro ɗaya. Baba yana da buƙata uku a kansa: ya nemi aikin gwamnati, ya yi aure bana, kuma ya zauna da matarsa a sashen da ke bayan gidanmu a cikin gari. Shi kuma yaron bai ƙi aure ba, yana ma da wadda yake so. Amma ya ce ba zai bar teburinsa ba, ba zai yi aure bana ba, in kuma ya yi, haya zai kama a Rijiyar Zaki. Baba ya ce yaran zamani ba sa jin magana. Yaro ya ce Baba ba ya fahimta. Ni kuwa da na zauna na saurari kowa, sai na ga ba tarbiyya ce ta lalace ba, wata tsohuwar yarjejeniya ce ta mutu ba a yi mata jana'iza ba.

Sunan yarjejeniyar gandu. Duk wanda kakansa manomi ne ya san ta. Ɗa yana noma gonar gida tare da ubansa da 'yan'uwansa tun safe har wajen azahar, sauran yinin kuma ya tafi gayaunarsa. A madadin wannan ƙarfi da yake bayarwa, maigida ne ke ciyar da shi, shi ke biya masa haraji, shi ke ba shi ɗaki, kuma shi ke yi masa auren fari tun daga kuɗin gaisuwa har sadaki. To mutumin da ya ɗauke maka duk wannan, in ya ce ga yarinyar da za ka aura, ga watan da za a ɗaura, ga ɗakin da za ku zauna, da wane bakin za ka musa? Ikon uba a wancan tsari ba a iska yake rataye ba, rumbu ne ke riƙe da shi.

Haka aka yi wa Baba. Kakanmu ne ya yi masa aure a 1976, bai fi shekara 22 ba, kuma bai sayi ko ɗankwali ba da kuɗinsa. Ga shi lokacin ya fara aikin gwamnati, ƙarin albashin Udoji bai daɗe da shigowa aljihun ma'aikata ba, har yau in yana ba da labarin babur ɗin da ya saya da kuɗin Udoji sai fuskarsa ta washe. A idonsa aikin gwamnati shi ne gandun birni: a ba ka albashi, a ba ka rancen abin hawa, ka tsufa a ba ka garatuti da fansho. Wanda bai samu gwamnati ba ya tafi masana'antun Bompai ko Sharada. Ba ƙarya yake yi ba, rayuwarsa ce. Sai dai tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 abin ya fara zubewa, masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma tun 2004 ma'aikacin tarayya har da nasa albashin ake tara masa fansho. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, bayan an cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci sun tashi. Abokin autanmu da suka gama tare ya samu aiki a mataki na 8, kuma shi ne yake zuwa rance wurin mai gyaran waya kafin wata ya ƙare. Na faɗa wa Baba wannan, ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma shi ai ana kiransa ma'aikaci." A nan na gane ba kuɗi kaɗai yake lissafawa ba. Yana tunanin ranar da zai aika neman aure a tambaye shi sana'ar yaro.

Ranar da abin ya fara warwarewa ita ce ranar da na ce a kawo biro da takarda. Na lura a gidajenmu ana shekara ana rigimar aure ba wanda ya taɓa rubuta adadi. Uba yana lissafi da farashin zamaninsa, ɗa kuma kunya ta hana shi faɗin abin da yake samu.

Ga abin da ya fito. A wata mai kyau yaron yana tashi da kamar naira 200,000, a wata marar kyau 120,000. Yana zubin adashe 50,000 duk wata, wato 600,000 a shekara, kuma ya tara 900,000. Gidan da ya gani, ciki da falo da kicin da banɗaki, 550,000 ne a shekara, a biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali 55,000. Lefen da mahaifiyarmu Hajiya da ƙannenta suka tsara, akwati shida, ya kai miliyan ɗaya da dubu 200. Sadaki 200,000. Kuɗin na-gani-ina-so da gaisuwar iyaye da goro da alewar sa rana, 150,000. Walima da abincin baƙi 300,000. Jimla ta kusa miliyan biyu da rabi, ba a sa gwajin asibiti ba, wanda dokar Jihar Kano ta 2024 ta wajabta kafin ɗaurin aure, ba a kuma sa buhun shinkafar da za a ajiye wa amarya ba. In aka cire abin da ya tara, saura fiye da miliyan ɗaya da rabi, wato zubin shekara biyu da rabi, in farashi ya tsaya cak yana jiransa.

Baba ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa. Abin da ya fara faɗa shi ne, "To ai ka ga dalilin da na ce ka zauna a gida." Kuma a lissafi yana da gaskiya. Gyaran sashen baya ba zai wuce 250,000 ba, an huta da haya kowace shekara. Amma sai yaron ya faɗi abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, matar Yaya sau nawa ta yi yaji a gidan nan?" Yayan da yake nufi ni ne. Shekara huɗu na yi a wannan sashen, kuma na san abin da ake nufi da facaloli uku a tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya da mitar wuta ɗaya. A gandu tukunya ɗaya ce, don haka ba a ganin bambanci. Yau kowa da tukunyarsa, wannan ta soya kaza, waccan ta kaɗa kuka, yara suna kallo. Zaman gidan gado ba tare da tattalin arzikin gandu ba shi ne ke haifar da yawancin ƙananan gabar da muke ɗora wa mata laifinta.

Kada matasa su ji daɗi da yawa, don akwai nasu kason. Autan namu da ke maganar 'yancin kai, har yau tuwon dare a gida yake ci, ba ya biyan kuɗin wuta, yaran gida ke yi masa shara. Wannan 50,000 da yake zubawa, tukunyar Hajiya ce ta ba shi damar zuba ta. Na ce masa ba zai yiwu ka ci gandu da dare ka wayi gari kana cewa ba mai iko da kai ba. Kuma a cikin takardar nan, ba Baba ne ya sa dina a zauren biki ba, shi da abokansa ne suka so, sai da na sa ya goge. Yawancin samarin da nake ji suna kukan tsadar aure, rabin tsadar su da 'yan matansu suka ƙirƙiro ta don hoton da za a ɗora a waya.

Wani abin da takardar ta tona, wanda ban zata ba, shi ne abu mafi nauyi a ciki ba na addini ba ne kuma ba na Baba ba ne. Sadaki, wanda shi ne wajibi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne, bai kai kashi ɗaya cikin goma na jimlar ba. Lefe ya kusa rabi. Kuma lefe ba hurumin maza ba ne. Da na ce a mai da shi akwati uku, Hajiya ta dube ni ta ce, "Ni za ka kunyata a dangi? Na yayyensa shida-shida aka kai." Ita ma ba son zuciya ba ne, ta san za a buɗe akwatunan nan gaban mata a ƙirga atamfa da leshi ɗaya bayan ɗaya, kuma sunanta za a kira, ba na yaron ba. Can gidan amarya ma wani uban yana can ba ya barci saboda gado da kujeru da kayan kicin da gara. Gida biyu suna cin bashi don kada ɗaya ya raina ɗaya. Duk wanda ya ga yadda mutane suka yi rububin auren gata da Hukumar Hisbah ke shiryawa, wanda a 2023 aka aurar da ma'aurata 1,800 a Kano, ya san ba son auren ne ya yi ƙaranci ba.

Ra'ayina, wanda na faɗa a gaban Baba da ladabi, shi ne kowa ya yi magana gwargwadon abin da ya ɗauka. Albarka da shawara da binciken asalin yarinya, waɗannan na iyaye ne har abada, ba a sayensu da kuɗi. Amma lokacin aure da unguwar zama da sana'ar da za ta ciyar da gidan, wanda zai biya haya shekara mai zuwa shi ya kamata a bar wa. Uban da yake so a yi bana, sai ya sa hannu a aljihu kamar yadda aka yi masa, ko ya sa baki a rage kaya.

Baba ya zaɓi duka biyun, da sharaɗi. Ya ce shi zai biya sadaki da kuɗin gaisuwa, tunda haka nasa uban ya yi masa. Ya yarda da haya, amma kowace Juma'a a gida za su yini. An sa rana bayan babbar sallah. Hajiya ta sauko zuwa akwati huɗu, ta ce ko ɗaya ba za ta ƙara ragewa ba, kuma har yanzu akwai giɓin kusan dubu 800 da ba mu san inda zai fito ba. Jiya da dare kuma Baba ya sake turo mini sanarwar ɗaukar ma'aikata da wani ya tura masa, ya ce in miƙa wa yaron ya cike, ko Allah zai sa a dace.