Ƙannena, ku daina ɗiga alama a tsakiyar rukuni

Ƙannena ɗalibai, akwai kuskuren da nake yawan gani a takardunku idan an ce ku zana giraf ɗin tara adadi, kuma yana damuna, domin lissafin duk kun iya shi, wajen ɗiga alama kawai kuke ɓarar da makinku.

A ce ɗalibai 40 suka yi jarrabawa. Mutum 4 sun ci maki 21 zuwa 30, mutum 6 sun ci 31 zuwa 40, mutum 12 sun ci 41 zuwa 50, mutum 10 sun ci 51 zuwa 60, sai mutum 8 da suka ci 61 zuwa 70. Idan kuna tarawa rukuni bayan rukuni, za ku samu 4, 10, 22, 32, 40. Dole adadin ƙarshe ya yi daidai da yawan ɗaliban.

To, a ina za a ɗiga 22 ɗin nan? Da yawanku sai ku kai ta kan 45.5, wai tsakiyar rukuni. Ku tsaya ku yi tunani. Mutum 22 ba su cika ba sai da aka ƙirga kowa har wanda ya ci 50. Saboda haka wurinta shi ne iyakar sama ta rukunin, wato 50.5. Haka sauran: 4 a kan 30.5, 10 a kan 40.5, 32 a kan 60.5, 40 a kan 70.5. Kada ku manta da sifiri a kan 20.5, daga nan layin yake tashi. Ku haɗa ɗigon da fensir mai tsini, layi mai lanƙwasa wanda ba ya taɓa gangarowa.

Midiyan shi ne makin ɗalibin da ke tsakiya. Rabin 40 shi ne 20, don haka ku nemi 20 a layin tsaye, ku ja kwance har ku taɓa zanen, sannan ku sauko ƙasa. Za ku faɗa kusa da 49. Rabin ɗalibai ake nufi fa, ba rabin tsayin takarda ba. Kwata ta farko tana kan mutum 10, makinta 40.5. Kwata ta uku tana kan mutum 30, makinta kusan 58.5. Tazarar da ke tsakaninsu 18.

Wanda ya ɗiga a tsakiya zai ja zanen gaba ɗaya hagu da maki 5, midiyan ɗinsa ya koma kusan 44. Abin da ke ruɗarwa, tazararsa za ta fito 18 daidai da ta kowa, sai ya ɗauka aiki ya yi. Don Allah ku koma kan jadawalin ku gwada. Shi zanensa cewa yake mutum 10 sun cika tun a maki 35.5, alhali jadawalin ya nuna ba su cika ba sai a ƙarshen rukunin 31 zuwa 40.