Hannun da ya leƙo a gefen hoton biki

Shekarata shida ke nan a Lyon, kuma duk wani biki ko suna da aka yi a gidanmu na Birni ta hoto nake halartarsa. Watan jiya aka ɗaura auren ƙanwata, hotuna suka yi ta shigowa rukunin gida na WhatsApp har waya ta cika, cikinsu akwai ɗaya da ya kama ni sosai: Inna zaune kan tabarma, amarya kusa da ita ta ɗan sunkuyar da kai, hasken la'asar ya faɗo musu daidai. Sai dai can gefen dama ga wani hannu ya leƙo riƙe da murfin kwano, babu fuska babu jiki, hannu kawai daga gwiwa zuwa yatsu.

A nan inda nake ba a ma tsayawa shawara kan irin wannan. Bature in zai ɗauki hoto sai ya jira mai wucewa ya wuce, in kuma wani abu ya shigo gefe ya danna Recadrer ya datse shi, shi ke nan, ga shi kuma suna da tsantseni kan saka hoton mutum a intanet ba da izninsa ba. Mu a Damagaram ina ka ga wurin da za ka jira mutane su watse? Gidan biki cike yake, yara na gilmawa, mai raba fura na wucewa, ranar hawan salla a ƙofar fada kuwa ko motsa gwiwar hannunka ba ka iyawa balle ka samu fili. Saboda haka hotunanmu kusan duka da guntun wani a gefe, kuma mun saba har ido ya daina gani. Ni dai ra'ayina, a wannan wuri sun fi mu kula, amma ba duk hannu ne ake yankewa ba, kuma yankan ma yana da yadda ake yinsa.

Dalilin yankewar mai sauƙi ne. Ido yana bin fata da haske da launi mai ƙarfi, to murfin kwanon nan yana ƙyalli, duk wanda na nuna wa hoton sai ya kalli Inna daƙiƙa ɗaya sannan idonsa ya zame gefe ya ce wannan hannun waye. Hoton da aka ɗauka don uwa da ƴarta ya koma tambaya kan hannu.

Na so in wanke shi babba, santimita 20 da 30, in saka a kadar in aika wa Inna. Abu na farko da na yi shi ne na ƙi taɓa wanda ya zo ta rukuni, don WhatsApp yana matse hoto in an tura shi yadda aka saba, wanda ya iso mini faɗinsa fiksel 1600 ne tsayi 1200. In na yanke daga nan abin da zai saura bai kai 1500 ba, a fuskar waya ba za ka ga komai ba, amma in aka shimfiɗa shi kan santimita 30 zanen lallen amarya da aikin wuyan rigar Inna duk sai su dushe kamar an shafa musu ruwa. Na kira ƙanena da ya ɗauka na ce don Allah ka sake turo mini amma ta Document, ya ce Yaya ai wannan zai cinye mini mega, na ce zan saka maka kati. Ya zo da cikarsa, 4000 da 3000.

Hannun ya ci wajen fiksel 400 daga dama, na ja layin yanka har ya fita gaba ɗaya, faɗi ya koma 3600. Anan ne mutane da yawa suke tsayawa su adana, kuma anan matsalar take. Takardar 20 da 30, haka ma ƴar ƙaramar 10 da 15 da aka fi wankewa, siffarta 3:2 ce, hoton waya kuwa 4:3 yake fitowa, in ka datse gefe ɗaya kawai ka samu wata siffa da ba ta dace da kowace takarda ba. Ka kai situdiyo a haka, injin ne zai zaɓar maka inda zai ƙara yankewa, shi kuma ba ruwansa, sai ka karɓi hoto ka ga an aske saman ɗankwali ko an cire yatsun ƙafa. Don haka na kulle siffar a 3:2 tun a waya, tsayi ya zama 2400, ma'ana akwai fiksel 600 da dole su tafi tsakanin sama da ƙasa, kuma ni zan raba su. Sama bango ne kawai da igiyar shanya, na ɗebe 450 daga can, ƙasa na ɗebe 150 na tsaya kafin in taɓa ƙafafunsu da bakin tabarma. 3600 kan santimita 30 yana ba da kusan ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne abin da masu wanki suke so.

Wani abu da ya kamata a duba bayan an ja layi: me layin ya taɓa a jikin wanda ake so? Garin korar hannun baƙo sau da yawa ana datse mai hoton daidai kan gaɓa, wuyan hannu ko gwiwa ko idon sawu, sai ya fito kamar mai dungu. In dole ne a yanki jiki to a yanka tsakanin gaɓoɓi, tsakiyar cinya ko tsakiyar damtse. Ni na yi sa'a, tsakanin mayafin amarya da hannun nan akwai ɗan fili, kuma ita tana kallon hagu ne wajen Inna, don haka matsewar da aka yi mata ta baya ba ta dame ta ba. Da a ce gefen dama take kallo, da sai ta zama kamar ta kafa goshi a bango. Sannan a zuƙo hoton a bi gefen da ido daga sama har ƙasa, don guntun yatsa ɗaya ko inuwar ƙafa da aka manta a ƙasa ya fi cikakken hannun muni, shi cikakken an san ko mene ne.

Amma akwai hoto na biyu da ban yanke ba, kuma anan na rabu da mutanen nan. Inna ce ita kaɗai, wani hannu ya shigo daga hagu ya dafa kafaɗarta. Da farko ma dai yanka ba ya iya fitar da hannun, tunda ya hau kan jikinta, in ka bi shi sai ka tafi da rabin kafaɗa ko ka bar yatsu huɗu a kanta babu mai su. Wani abokin aikina ya gani ya ce hoton ya lalace, a nemi wani. Ni kuwa ina ganin zoben azurfar na gane Gwaggo ce, yayar Baba, wadda ta riƙe amarya tun tana ƙarama, kuma duk ɗan gidanmu zai gane. Wancan na murfin kwano ba ya taɓa kowa, ba ya faɗin komai kan abin da ke faruwa, wannan kuwa yana rarrashin uwa ranar da za a kai ƴarta ɗaki. Na tambayi ƙanena ko akwai wanda ya ɗauka daga ɗan nesa da fuskar Gwaggo a ciki, babu, don haka na bar shi yadda yake, na wanke shi 10 da 15.

Duka biyun suna cikin jakar wani ɗan unguwarmu da zai sauka Yamai ranar Alhamis ya kama mota zuwa gida, na asalin mai murfin kwano kuma yana nan a wayata ban goge ba, don ƙanwata ta ce tana zaton hannun ƙawarta ce kuma tana so ta gani.