Manhaja ta ce ka ci riba, aljihunka ya ce ƙarya ne

Haba jama'a! Ta yaya kamfanin da ke juya biliyoyin daloli a rana zai kasa ba mutum takarda guda ɗaya da za ta nuna masa nawa ya zuba, nawa aka yanka, nawa ya rage? Ka buɗe manhajar saye da sayar da kirifto, ka ga lambar PNL, wato ma'aunin riba da asara, ta yi kore shar, ka ɗauka ka samu. Sai ka sauke tarihin cinikinka ka zauna da kalkuleta, ka tarar uwar kuɗin ma ta taɓu. Ba na jin wannan rashin iyawa ne. Sun san lissafin sarai, sai dai sun yayyanka shi gida-gida sun bar wa mai kuɗi wahalar haɗawa.

Bari mu bi ciniki ɗaya daga farko har ƙarshe, da farashi na misali. Mutum ya sayi USDT 1,000, wato kirifton da ke bin darajar dala, a P2P, inda ake ciniki tsakanin mutum da mutum, kan naira 1,500 kowace ɗaya, ya biya naira 1,500,000. Ya shiga kasuwa ya sayi kirifton ETH da su a kan USDT 2,500 kowane ɗaya, wato ETH 0.4. La'adar da aka saba gani a irin wannan ciniki 0.1 cikin ɗari ce, kuma a dandamali da yawa daga abin da ka karɓa ake cire ta. Saboda haka ETH 0.0004 ta tafi, abin da ya shiga asusunsa 0.3996 ne. Amma layin cinikin 0.4 zai nuna maka, la'adar tana can gefe a wani gurbi. Duk wanda ya kwafi 0.4 ya ci gaba da lissafi, ya riga ya ɓata tun daga nan.

Farashi ya hau zuwa 2,550, ƙarin kashi 2 cikin ɗari ke nan. Ya sayar da 0.3996 ɗinsa, ya kama USDT 1,018.98. Aka sake yankar la'ada, wannan karon a USDT, kusan 1.02, saura 1,017.96. Ya tura kuɗin zuwa wata walat, aka cire kuɗin cirewa, mu ce USDT 1, saura 1,016.96. Da ya zo komawa naira, masu saye a P2P 1,470 suke biya, domin kullum farashin da za a saya a hannunka yana ƙasa da wanda za a sayar maka, ga kuma naira tana motsi a tsakanin kwanakin. Abin da ya shiga bankinsa naira 1,494,931 ne. Ya faɗi da kusan naira 5,069, alhali manhaja tana nuna masa ribar USDT goma sha wani abu zuwa ashirin. Kafin ya tashi babu ci babu faɗuwa, sai ya sayar da kowace USDT a kan kusan naira 1,475. Wace manhaja ce ke gaya maka wannan lambar? Ita ce kuwa lambar da ta fi kowace muhimmanci ga wanda da naira yake cefane.

Abin da ya fi ƙona rai shi ne waɗannan matakan ba a fayil ɗaya suke ba. Tarihin ciniki daban, na P2P daban, na sakawa da cirewa daban, na sauya wannan kuɗi zuwa wancan nan take shi ma daban. Wasu dandamalin ma ba su barinka ka sauke fiye da 'yan watanni a lokaci guda, sai ka yi ta saukewa kana liƙawa, kana tsoron kada wani layi ya maimaitu ko ya faɗi a mahaɗa. Lokacin da ke cikin fayil kuma yawanci na UTC ne, agogon Najeriya da Nijar yana gabansa da awa ɗaya. Cinikin da ka yi ƙarfe sha biyu da rabi na daren 1 ga wata, a fayil zai fito a ranar ƙarshe ta watan da ya wuce, sai lissafin wata biyu ya rikice. Oda guda kuma tana iya tsinkewa gida goma sha, kowane layi da farashinsa da la'adarsa.

Dillali a kasuwar hatsi, kafin a ɗaure buhu ya gaya maka la'adarsa baki da baki. Nan kuwa sai ka yi tono. Idan ka kunna biyan la'ada da kuɗin dandalin don samun rangwame, abin ya ƙara cakuɗewa: ka sayi ETH da USDT, amma gurbin Fee Coin yana nuna wani kuɗi na uku. Dole ka nemo farashin wannan kuɗin a daidai lokacin cinikin ka mayar da shi USDT, layi bayan layi. Wanda ya tara gurbin Fee gaba ɗaya ba tare da duba wane kuɗi ne a kowane layi ba, ya haɗa ETH da USDT da wancan na ukun a jimla ɗaya, lambar da ya samu ba ta da ma'ana ko kaɗan.

Kuɗin cirewa shi ma da nasa tarkon. Ba kashi cikin ɗari ba ne, tsayayyen adadi ne da ya danganta da hanyar da ka bi, TRC20 ko ERC20 ko wata, kuma yana canzawa. USDT 1 a kan 1,000 kashi 0.1 ne, amma a kan 50 kashi 2 ne cur, ƙaramin ɗan kasuwa shi ke shan dukan. Sannan gurbin Amount a wani dandali abin da ya isa ne bayan an yanka, a wani kuma kafin a yanka. Ba su rubuta ba. Sai ka ɗauki TxID, wato lambar shaidar turawar, ka duba a kan bulokcen nawa ne ainihin ya sauka. In ba haka ba, ko ka cire cajin sau biyu ko ka manta da shi ɗungurungum.

Sai maganar wane saye ake ɗora wa wace sayarwa. Ka sayi ETH 0.1 a 2,000, ka ƙara 0.1 a 3,000, ka sayar da 0.1 a 2,600. Idan na farkon shiga shi ne na farkon fita, ribarka USDT 60. Idan matsakaicin farashi aka bi, wato 2,500, ribar 10 ce kacal, kafin la'ada. Duk biyun lissafi ne ingantacce, matuƙar ka riƙe ɗaya ba ka sauya ba. Laifin manhaja shi ne ta zaɓar maka ɗaya ta ɓoye bayanin. Kuɗin da ka turo daga wata walat kuwa ba ta san nawa ka saye shi ba, sai ta ɗora masa farashin ranar da ya shigo. Wannan ba wasa ba ne a Najeriya, inda Dokar Kuɗi ta 2023 ta sanya kadarorin dijital cikin abin da ake biyan harajin riba a kansa.

Tunda sun ƙi yi, ga gwajin da ke tona kuskure. A yi shi ga kowane kuɗi shi kaɗai:

```
saura = sakawa + saye - sayarwa - cirewa - caji
```

Idan amsar ba ta yi daidai da abin da ke asusunka ba, kada ka fara lissafin riba tukuna. Giɓin da ya kai kusan 0.1 cikin ɗari na abin da ka saya, la'adar saye ce ka tsallake. Giɓi mai cikakkiyar lamba kamar USDT 1 ko 2, kuɗin cirewa ne. Babban giɓi kuwa, akwai fayil guda da ba ka sauke ba, kuma galibi na sauyawa nan take ne, inda ake rubuta la'ada sifili alhali an cusa ta cikin farashin da aka ba ka.