A daina ce wa ɗalibai "haka kwamfuta take": dalilin fara ƙirga daga sifili

Duk wanda ya zauna ajin koyon rubuta manhaja, a Samaru ne ko a ɗakunan koyon kwamfuta na Sabon Gari, ya san inda ɗalibai suke fara tuntuɓe. A ba su jeri mai abu biyar, a ce su fito da na ƙarshe, sai su rubuta lamba 5, kwamfuta ta watsa musu kuskure. Amsar da aka fi ba su ita ce su haddace kawai, wai kwamfuta daga sifili take farawa. A ganina wannan amsar ce ke sa kuskuren ya bi mutum har bayan ya kama aiki, domin abin da aka haddace ba tare da dalili ba yakan kuɓuce daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Mu ɗauki hanyar da kowa ya sani, daga Samaru zuwa cikin birnin Zariya, mu rubuta ta a Python:

```python
t = ["Samaru", "Kwangila", "PZ", "Tudun Wada", "Ƙofar Doka"]
print(len(t))   # 5
print(t[0])     # Samaru
print(t[4])     # Ƙofar Doka
```

Lambar da ke cikin baka, wato lambar gurbi, ba ta amsa tambayar "na nawa ne a layi?" Tambayar da take amsawa ita ce "zango nawa aka yi daga mafari?" Wanda ya shiga bas a Samaru, mota ba ta tashi ba, bai yi zango ko ɗaya ba, don haka Samaru sifili ce. Ya isa Kwangila, zango ɗaya. Kafin ya sauka a Ƙofar Doka ya yi zango huɗu, alhali wurare biyar ya taka. Jeri mai abu biyar tazara huɗu ce tsakanin farkonsa da ƙarshensa, shi ya sa lambar gurbin ƙarshe kullum tsawon jeri ce a cire ɗaya: `len(t) - 1`. Mai abu 40 yana ƙarewa a 39, mai abu ɗaya tak yana farawa a 0 ya ƙare a 0.

Wannan ba ƙawa ba ce ta masu lissafi, haka na'urar take nemo abu a ma'adanarta. A harshen C, idan ka rubuta `int fasinja[5]`, ana ware maka wuri guda a jere, kuma a yawancin kwamfutocin yau kowace lamba irin wannan bayit 4 take ci. A ce wurin ya fara daga adireshi 1000. Na'ura ba ta riƙe adireshin kowane abu daban, na farkon kawai ta sani, sauran kuma lissafa su take yi: adireshin farko, a tara da lambar gurbi sau girman abu. Gurbi na 0 yana 1000, na 1 yana 1004, na 4 yana 1016. Da an fara daga ɗaya, da sai an riƙa cire ɗaya a lissafin, ko a goce da adireshin farko baya. Harshen BCPL da Martin Richards ya ƙirƙira a 1967 a kan wannan tsari ya tafi, C da Dennis Ritchie ya gina a farkon shekarun 1970 ya gaje shi, daga nan Java da JavaScript da Python suka bi sahu.

To `fasinja[5]` fa? Lissafi zai ba da 1020, kuma wannan adireshin ba naka ba ne, iyakarka ta ƙare a 1019. C ba zai tsayar da kai ba. Zai iya karanto maka wata lamba da ba ta da kai ba ta da gindi, idan kuma rubutu ka yi a wurin, ka taka bayanan wani sashe na manhajar, ɓarnar ta fito can wani waje da ba ka zata ba. Python ya fi tausayi, nan take yake tsayawa ya ce `IndexError: list index out of range`. Java ma yana tsayawa da `ArrayIndexOutOfBoundsException`. JavaScript kuwa shiru yake yi, ya miƙo maka `undefined`. Idan ka ga wannan kalmar ta fito a layin ƙarshe na jadawali a shafin intanet, je ka duba zagayen `for`, sau da yawa za ka tarar an rubuta `i <= t.length` a inda ya kamata a rubuta `i < t.length`.

Wani zai ce ai wannan dalilin na'ura ne, kuma kwamfutar yau cire ɗaya ba ya gajiyar da ita. Gaskiya ne. Akwai kuma harsunan da suka zaɓi ɗaya suna aikinsu lafiya lau: Fortran, MATLAB, R, Lua, Julia. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da suka saba da MATLAB sun san `x(1)` ne na farko, `x(end)` na ƙarshe, kuma hakan ya dace da yadda ake rubuta layuka da ginshiƙai a littafin lissafi. Ba zan ce sun yi kuskure ba. Amma sifili yana da hujja ta biyu wadda ba ruwanta da saurin na'ura, ita ce Edsger Dijkstra ya kawo a wata gajeriyar takarda da ya rubuta a 1982, kuma ita ta fi gamsar da ni.

Hujjar ta shafi yadda ake yanka jeri. A Python, `t[0:2]` yana ɗaukar gurbi na 0 da na 1, ya tsaya kafin 2, wato Samaru da Kwangila. `t[2:5]` ya ɗauki sauran ukun. Duba abin da aka samu a nan. Yawan abin da ke cikin kowane yanki ragi ne kawai, 2 a cire 0 biyu, 5 a cire 2 uku, ba wani ƙara ɗaya. Inda yankin farko ya tsaya, nan na biyu ya tashi, ba a maimaita PZ ba, ba a kuma tsallake ta ba. Sannan jerin gaba ɗaya shi ne daga 0 zuwa kafin `len(t)`. Wanda ya taɓa raba sunaye 200 zuwa shafuka masu ɗaukar 20 zai ga amfanin wannan: shafi na 0 daga 0 zuwa kafin 20, shafi na 1 daga 20 zuwa kafin 40, kowane shafi mafarinsa lambarsa ce sau 20. Gwada yin haka da ƙirga daga ɗaya, za ka ga ƙari da ragin ɗaya sun cika maka layi, kuma a cikinsu kuskure yake ɓuya.

Yanzu ga na ƙarshe. A Python `t[len(t) - 1]` daidai ne, amma `t[-1]` ya fi tsafta, domin lamba mai alamar ragi daga baya take ƙirgowa: `t[-1]` Ƙofar Doka, `t[-2]` Tudun Wada. A JavaScript `t[t.length - 1]` ne, ko `t.at(-1)` a sababbin burauza. Kada ka ɗauki `t[-1]` ka kai can, `undefined` za ka samu. A R kuwa `x[-1]` cire abu na farko yake yi ya ba ka sauran, ba tare da ko tari ba. Rubutu iri ɗaya, ma'ana uku, don haka mai sauya harshe ya fara gwada wannan kafin komai.

Sauƙin nan na `-1` yana da tarkonsa, kuma shi ne na fi so malamai su nuna a allo, domin ba ya ihu. A ce ka nuna wa mai amfani da manhaja wuraren nan biyar da lamba 1 zuwa 5, kamar yadda kowane ɗan Adam yake ƙirga, ka ce ya zaɓi inda zai sauka:

```python
zabi = int(input("Ina za ka sauka? "))
print(t[zabi - 1])
```

Ya danna 3, ya samu PZ, daidai. Ya danna 6, Python ya tsaya da kuskure, ka gane akwai matsala ka gyara. Amma ya danna 0 fa? Sifili a cire ɗaya ya ba da `-1`, manhaja ta buga Ƙofar Doka hankalinta kwance. Ba saƙon kuskure, ba komai, an dai ba shi abin da bai zaɓa ba. Da jerin ɗalibai ne, da makin wani an rubuta wa wanda ke ƙasan takarda. Maganin layi ɗaya ne kafin a taɓa jerin: `if 1 <= zabi <= len(t):`. Abin da nake ba da shawara shi ne a bar wannan ƙari da ragin ɗaya a bakin ƙofa kawai, wato inda mutum yake shigar da lamba da inda ake nuna masa ita. A cikin manhajar komai ya tafi da sifili. Wajen bugawa ma Python ya tanadi `enumerate(t, start=1)`, wanda zai jera wa mai karatu 1 zuwa 5 ba tare da ka taɓa lissafin da hannunka ba.

Akwai kishiyar wannan, ita ma shiru take yi. Ɗalibi ya rubuta `for i in range(1, len(t))` yana zaton ya bi jerin duka, alhali ya tsallake Samaru. Sakamako ya fito, abu huɗu maimakon biyar, kuma idan jimilla ake tarawa ba wanda zai lura sai an zo ana neman inda kuɗi suka yi ƙafa. Indai ba ka buƙatar lambar gurbin, rabu da ita, rubuta `for wuri in t:` ka huta.

Saura jerin da babu komai a cikinsa. Tsawonsa 0, don haka lissafinmu ya ba da `-1`, amma gaskiyar magana ba shi da na ƙarshe. Python zai tsaya da `IndexError`, shi ya sa ake fara tambaya da `if t:` kafin a nemi `t[-1]`. A C abin ya fi muni. Tsawo yawanci `size_t` ne, nau'in lambar da ba ta sauka ƙasa da sifili, don haka `n - 1` idan `n` sifili ce sai ya juyo ya zama 18446744073709551615 a na'ura mai bit 64. Zagayen da aka rubuta da `i <= n - 1` zai kama hanya yana karanta ma'adanar da ba tasa ba har manhajar ta faɗi, alhali `i < n` ba zai ko shiga ba. A takarda su biyun abu ɗaya ne, a na'ura kuwa ɗaya ne kawai yake tsira da jeri wofi.

Kafin ɗalibi ya miƙa aikinsa, ya gwada shi da jeri wofi, ya gwada da mai abu ɗaya, sannan ya gwada da mai abu biyar ya duba da idonsa ko Samaru ta fito a sama kuma Ƙofar Doka ta fito a ƙasa. Idan akwai wurin shigar da lamba, ya danna 0, ya danna 5, ya danna 6, ya ga abin da kowacce ta haifar.