Sharhi: Yawan shan ruwa ma yana da haɗari

"Ɗan wasa ya sha ruwa iya ƙarfinsa a lokacin zafi," in ji wani labari.

A ganina wannan shawara tana buƙatar gyara, musamman ga masu dogon gudu a Abuja cikin zafin Maris. Wanda ya sha ruwa fiye da gumin da ya fitar, gishirin jininsa yana tsinkewa, har ƙwaƙwalwa ta kumbura, ciwon kai da amai da ruɗewa su biyo baya. Don haka ɗan wasa ya riƙa auna nauyinsa kafin atisaye da bayansa: idan kilo 1 ya ragu, kusan lita 1 ce ta fita, sai ya mayar da ita sannu a hankali tare da abinci mai gishiri. Idan kuwa nauyin ƙaruwa ya yi, ruwan ya yi yawa, ya dakata.