Ruwan gishiri da sukari: a auna, kar a kintata

Assalamu alaikum. Maganata da ku ce 'yan'uwana matasa masu neman halak a cikin rana: 'yan kabu-kabu, masu buga bulo, masu dakon albasa, masu ban-ruwa a fadamar Kwalkwalawa, har da ku masu ƙwallon yamma. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, kuma a irin wannan rana mai aikin ƙarfi zai iya zubar da gumi kusan lita guda cikin awa ɗaya. Da yawanku kun ji cewa ruwan gishiri da sukari yana dawo da ƙarfi, kuma gaskiya ne. Abin da ke damuna shi ne yadda ake haɗa shi. Yaro ya ɗebi gishiri da hannu ya watsa a kofi, ya zuba sukari har sai ya ji zaƙi ya yi masa, ya kwankwaɗe a tashi ɗaya, ya ce ya sha magani. Wannan haɗin yana iya ƙara masa wahala a kan wadda yake ciki.

Ga awon da ma'aikatan lafiya ke koyarwa don haɗin gida: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Shi ke nan, babu ƙari.

Lita ɗaya ba ta da wuyar samu a wurinmu. Ledar fiya-wata galibi 50cl ce, biyu sun ba ka lita, amma ka duba jikin ledar domin akwai masu 60cl. Idan ruwan rijiya ne ko na 'yan garuwa, a tafasa shi a bari ya huce tukuna. Inda ake yin ɓarna shi ne wajen cokali. Ƙaramin cokali ana nufin na shayi, mai cin 5ml. Cokalin cin shinkafa ya ninka shi wajen sau uku. Kuma a shafe ake so, ba a tsiri ba: ka ɗebo, ka bi saman da bayan wuƙa ko tsinke mai tsabta ya yi daidai da bakin cokalin. Rabin ƙaramin cokali na gishiri bai kai giram 3 ba sosai. Wanda ya ɗauki babban cokali ya ɗebo rabi, da ɗan tozo a kai kamar yadda hannu ya saba, ya zuba ninki uku ko huɗu na abin da ake so, shi kuwa yana ganin ya bi ƙa'ida. Cokulan gidajenmu ma ba girmansu ɗaya ba. Shi ya sa na fi son ɗan murfin awo da ke zuwa da maganin ruwa na yara, wanda aka rubuta 2.5ml da 5ml a jikinsa. Ka wanke shi ka ajiye. Gishiri ya tsaya a layin 2.5ml sau ɗaya, sukari a layin 5ml sau shida.

Bayan ka motsa ya narke, ka ɗanɗana kafin ka sha ko ka miƙa wa wani. Bai kamata gishirinsa ya fi na hawaye ba. In ya fi, kada ka yi ƙoƙarin gyarawa da ƙarin sukari, domin sukari yana ɓoye gishirin ne a harshe kawai, yana nan a cikin ruwan. Ka zubar ka sake sabo. Asarar ta ɗan sukari ce da leda biyu.

Wasu suna tambaya: tunda gumi ruwa ne da gishiri, me ya kawo sukari a ciki? Ba don daɗin baki aka sa shi ba. A ƙaramin hanji akwai hanyar da gishiri da sukari suke shiga jiki tare, ɗaya yana jan ɗaya, ruwa kuma yana bin su. Idan awon ya yi daidai, ruwan yana shiga jini da sauri ya kuma zauna. Idan sukari ya yi yawa sai abin ya juya, ruwan jiki ya riƙa fitowa cikin hanji don ya tsarma zaƙin, ciki ya ƙulle ko zawo ya biyo baya. Dalilin ke nan da lemon kwalba ba ya maye gurbin wannan haɗin. Sukarinsa ya ninka na haɗin wajen sau huɗu, gishirinsa kuma kusan babu. Lemon ƙarin kuzari na gwangwani da ake yayi shi ma haka, ga shi yana sa zuciya bugawa a lokacin da ta riga ta gaji. Yawan gishiri kuwa ya fi muni: ƙishirwa ta ƙaru, amai ya zo, kuma a jikin ƙaramin yaro yana iya kaiwa ga jijjiga har da rasa rai.

Bari mu ɗauki misali. Saurayi ne lafiyayye, yana buga bulo tun ƙarfe takwas na safe har bayan azahar a watan Afrilu. Ya sha koko da safe, tun daga nan ruwan sanyi kawai yake ɗurawa. Wajen ƙarfe biyu rigarsa ta bushe da farin zanen gishiri a baya da hammata, kai yana sara masa, ƙwauri yana ɗaurewa, in ya miƙe daga tsugunne sai ya ga jiri. Ya zaga fitsari, ɗan kaɗan ya fito, ja kamar shayi. Amma yana cikin hankalinsa, kana yi masa magana yana amsawa daidai, kuma yana iya haɗiya. Wannan shi ne mutumin da aka yi haɗin dominsa.

Abu na farko, ya bar aikin. Ba maganar «bari in ƙarasa wanga buhun siminti» a nan. Ya shiga inuwa, ya cire riga, a yayyafa masa ruwa a wuya da kai, a yi masa fifita. Sannan a haɗa lita ɗaya yadda na faɗa, ya riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan, kamar kofi ɗaya a cikin minti goma sha biyar, har litar ta ƙare a cikin awa ɗaya ko biyu. In ya ɗaga kwanon ya shanye gaba ɗaya, amai zai dawo da shi. In ma ya yi aman, a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Bayan wannan lita sai ya koma ruwa zalla, ya kuma ci abinci. Tuwo da miya ko shinkafa da wake za su mayar masa da sauran gishirin da ya rasa. A haɗa masa da ayaba, lemon zaƙi, kankana ko dabino, domin akwai wani sinadari, fotasiyam, da haɗin gida ba shi da shi, su kuwa suna da shi. Alamar cewa abu ya yi kyau ita ce fitsari ya dawo da yawa, launinsa ya washe, jiri ya tafi. Ranar nan kada ya koma rana, ko da ya ji garau. Idan awa biyu ta wuce babu sauƙi, ko amai ya hana komai zama a ciki, ko fitsari ya ƙi zuwa, maganar ta bar hannun gida.

Yanzu ku canza hoton kaɗan. Shi dai wannan saurayin, amma ya fara sambatu, ana kiransa yana kallon mutane kamar bai san su ba, yana tangaɗi, jikinsa zafi rau, ko ya yanke jiki ya faɗi. Wannan bugun zafi ne, kuma yana kisa cikin ɗan lokaci. Gumi yana iya tsayawa, yana iya kuma ci gaba da zuba, don haka kada ku ce ai yana gumi da sauƙi. A nan na ga mutanenmu suna kuskure da kyakkyawar niyya: a ɗaga kan wanda ya suma a ɗura masa ruwa a baki. Don Allah ku daina. Ruwan zai tafi cikin huhu ne. A kwantar da shi a gefensa a inuwa, a cire masa kaya, a jiƙa jikinsa sharkaf da ruwan sanyi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi in akwai, ana fifita, kuma ana yi ana neman abin hawa zuwa asibiti mafi kusa. Sanyaya jikin ba ya jiran a isa asibiti, a hanya ma a ci gaba.

Sai waɗanda haɗin bai dace su sha da ka ba. Mai hawan jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya, da wanda ƙafafunsa ke kumbura, gishiri abin lissafi ne a wurinsu. Mai ciwon suga kuma ga cokali shida na sukari a gabansa. Waɗannan su tambayi likitansu tun kafin zafi ya kankama, su san abin da za su yi. Kada ka ga ya yi maka amfani ka je gida ka ce wa Baba ko Inna su riƙa sha kullum da yamma. Kai kanka ba abin shan kullum ba ne. Wanda ya wuni a shago ƙarƙashin fanka ya ɗan yi zufa, ruwa da abinci sun ishe shi. A azumi ma haka: wanda ya yi aikin ƙarfi a rana ya buɗe baki da dabino da ruwa, ya bi da kofi ɗaya ko biyu na haɗin a hankali kafin abinci, amma ba sai gida duka sun mai da shi abin buɗa-baki ba.

Kuma gishirin girki nake nufi, fari, na leda. Ban da kanwa, ban da manda, ban da dunƙulen magi. Ba a san awonsu ba, kanwa kuma wani abu ce daban.

Game da yara, musamman masu zawo da amai, ku nemi ƙullin ORS, wato garin haɗin gishiri da sukari, na kemis ko na asibiti. An auna komai a ciki yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara, har da fotasiyam ɗin, kuma ba shi da tsada. Ku karanta jikin ƙullin ku ga yawan ruwan da ya ce, galibi lita ɗaya, ku juye shi duka a ciki, kada a raba ƙulli biyu don tsimi, kada a ƙara masa sukari. Haɗin gida na lokacin da babu ƙullin ne a kusa. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa, nono da asibiti, ba gwajin cokali ba. Kai ma babba, in kana da hali ka jefa ƙulli biyu a aljihun mashin ko jakar aiki, ya fi ka tsaya neman cokali a bakin gini.

Ko na gida ko na ƙulli, a rufe shi, a ajiye a inuwa, kada ya wuce awa 24. A zafin garin nan ni ba na bari ya kwana. Abin da ya rage da dare a zubar, gobe a haɗa sabo.